HOTON HIRAR WAYA: YADDA ZA A RARRABE NA WASA DA NA YAUDARA

Wannan takarda an rubuta ta ne domin hakimai da malamansu masu riƙe da takardun ofis. Dalilinta shi ne, a wannan zamani sau da yawa a kan kawo wa hakimi ƙara, ko wani labari mai tayar da hankali, in an tambayi shaida sai a miƙo waya, a nuna hoton wata hira da aka ce wane da wane sun yi. Wani hoton an yi shi ne don raha kawai, wani kuwa an yi shi ne don a ɓata sunan mutum ko a haɗa jama'a faɗa. Wajibi ne mai shugabanci ya san bambancinsu, don kada ya hukunta mai wasa kamar mai ƙage, kada kuma ya ƙyale mai ƙage da sunan wasa ya ke yi.

1. MENE NE HOTON HIRA?

Kowace wayar zamani tana iya ɗaukar hoton abin da ke fuskarta a daidai lokacin. Shi ne samari ke kira sikirinshot. In mutum biyu sun yi hira a WhatsApp, ɗayansu ya ɗauki hoton fuskar wayarsa, to, ya sami hoton hira ke nan. Hausawa na cewa gani ya kori ji, shi ya sa mutane ke saurin gaskata irin wannan hoto. Amma a lura: wanda aka nuna wa hoton bai ga hirar ba, hoto kawai ya gani, ba shi da sa hannu, ba shi da hatimi.

Hanyoyin ƙirƙira shi uku ne. Ta farko, akwai manhajoji da aka yi musamman domin wasa, mutum ya rubuta sunan da ya so, da maganar kowane ɓangare, da lokaci, su fito masa da hoto mai kama da hirar gaske. Ta biyu, a ɗauki hoton hirar gaske, a goge wata magana a sa wata, ko a yanke sama da ƙasa don ma'ana ta juya. Ta uku ita ce mafi sauƙi, ita ce kuma mafi haɗari. Sunan da ke bayyana a saman hira ba WhatsApp ke ba da shi ba, mai waya ne ke rubuta shi sa'ad da ya ke ajiye lamba. Saboda haka mutum na iya ajiye lambar ƙanensa da sunan hakimi, ya sa ƙanen ya ɗora hoton hakimin a lambar, su yi hirar da suka shirya, sa'an nan ya ɗauki hoto. Za mu sake komowa kan wannan a gaba.

2. HALIN HOTON WASA

Ga misalin wanda a kan gani gab da Babbar Salla. A saman hoton an rubuta "Ragon Layya". Rago ya aiko wa maigida saƙo yana cewa ya ga ana wasa wuƙa a tsakar gida, ko lafiya? Maigida ya amsa cewa albasa za a yanka. Rago ya ce to shi dai yana neman izinin zuwa ƙauye gaishe da dangi, sai bayan Salla zai komo.

Babu mai hankalin da zai kai wannan gaban hakimi. Amma yana da kyau a duba abin da ya sa ba ya ruɗar kowa, gama daga nan za a gane sauran. Da fari, mai shi ba ya so a gaskata shi. Daɗin abin duka yana ga sanin cewa ba zai yiwu ba. Na biyu, ba ya neman kome wurin mai karatu sai dariya: bai ce a biya kuɗi ba, bai ce a fito ba, bai ce a guji wani ba. Na uku, in an cire shi daga duniya ba wanda ya yi hasara, in an bar shi ba wanda aka zalunta.

Wannan daidai ya ke da wasan da muka gada tsakanin taubasai, ko tsakanin Fulani da Barebari, ko Kanawa da Zazzagawa. Maganar da za a faɗa a wasan nan, da baƙo ne ya faɗe ta da an yi rigima. Abin da ya mai da ita wasa shi ne kowa a wurin ya san wasa a ke yi. To, matsalar hoton hira ita ce yana barin wurin da aka san wasa ne, ya tafi inda ba a sani ba. Samari na iya ƙirƙira hirar dagacinsu don su yi dariya a tsakaninsu, har su rubuta a ƙasa cewa raha ce. Na biyar ko na goma da ya karɓa sai ya yanke wannan rubutu, ya tura hoton tsurarsa. Kafin ya isa ƙauye na gaba ya zama labari. Don haka wasan da aka sa sunan mutum na gaske a cikinsa, aka kuma sa masa maganar da mai yiwuwa ne ya faɗa, ya riga ya kama hanyar zama ƙage, ko da mai shi bai nufa ba.

3. HALIN HOTON YAUDARA

Shi mai yaudara duk ƙoƙarinsa a gaskata shi ne. Saboda haka ba ya sa abin da ba zai yiwu ba, sai abin da mutane da ma su ke zargi. Ya kan sa sunan wanda aka sani, da adadin kuɗi, da sunan gari. Ya kan fito da hoton a daidai lokacin da zai yi ɓarna, kamar lokacin rabon kaya, ko naɗin sarauta, ko zaɓe, ko sa'ad da a ke rikicin gona. Sa'an nan kusan kullum akwai rubutun da ke rakiyarsa mai ingiza mutane: a yaɗa maza kafin a goge, ko a taru gobe, ko a tura kuɗi.

Wannan ta ƙarshe ita ce babbar alama. Duk saƙon da ya ce a aikata wani abu cikin gaggawa, a tsaya a bincike shi. Da yawa cikinku za ku tuna watan Agusta na 2014, lokacin cutar Ibola, da saƙo ya zaga wayoyin Nijeriya cikin dare yana cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Ba magani ba ne, an kwantar da mutane asibiti, wasu har suka rasa rayukansu. Abin da ya ba saƙon ƙarfi shi ne gaggawar da ke cikinsa, wadda ta hana mutane tambayar daga ina ya fito.

Tambayoyi uku ke nan da malam zai fara yi wa kowane hoto: Shin yana so a gaskata shi? Me ya ke so a aikata? Wa zai cutu in an gaskata?

4. MISALI DA AKA BI DAKI-DAKI

Wannan misali shiryawa aka yi domin koyarwa, ba a nufi kowa da shi ba. A ce an aiko wa wata gunduma takin zamani buhu 600 don a raba wa manoma. Ana saura kwana biyu rabo sai hoto ya ɓulla. A samansa akwai sunan sarautar hakimi da hotonsa. A ciki hakimin yana ce wa wani ɗan kasuwa ya ware masa buhu 200, mutanen wani ƙauye kuwa ba za su sami ko ɗaya ba. A ƙarƙashi an rubuta cewa mutanen ƙauyen su hallara ƙofar hakimi gobe da safe. Dagacin ƙauyen ya kawo wa malamin hakimi hoton. Ta tambayoyin nan uku an riga an san ba wasa ba ne. Saura a san ko gaskiya ne. Ga yadda malam zai bi.

Da farko ya tambayi kansa, a wayar wa aka ɗauki hoton? Sunan da ke sama na wanda a ke hira da shi ne, ba na mai wayar ba. Tun da sunan hakimi ne a sama, lalle wayar ta ɗan kasuwa ce. A wayar da aka saita da rubutun boko, maganar mai waya tana gefen dama, ta abokin hirarsa tana gefen hagu. Ashe maganar hakimi ya kamata ta kasance a hagu. Malam ya duba, sai ya ga maganar buhu 200 a dama ta ke. Watau hoton na cewa wayar ta hakimi ce, kuma da hakimi a ke hira. Wannan ba ya yiwuwa.

Na biyu, ya duba 'yan alamun nan masu kama da makin da malamin makaranta ke yi wa amsar da ta yi daidai. Guda ɗaya mai ruwan toka na nufin saƙo ya tafi, biyu na nufin ya isa wayar wancan, in sun zama shuɗi an karanta. Shuɗin nan a watan Nuwamba na 2014 aka fara shi. Abin riƙewa shi ne, alamun suna fitowa ne a jikin saƙon da mai waya ya aika kaɗai, ba sa fitowa a jikin wanda aka aiko masa. In malam ya gan su a gefe biyu duka, hannu ne ya sa su. Haka kuma in ya ga shuɗi a hirar da aka ce an ɗauki hotonta tun 2013.

Na uku, ya duba lokaci. Can saman hoton, in ba a yanke ba, akwai agogon waya, shi ke nuna sa'ar da aka ɗauki hoton. A misalinmu agogon ya nuna 11:40. A tsakiyar hirar akwai kalmar Today, wadda ke nufin yau, a ƙarƙashinta kuwa ga saƙo mai lokaci 14:20. Ba a ɗaukar hoton magana kafin a faɗe ta. Ya kuma duba ko lokutan suna bin juna, kada 14:05 ya zo bayan 14:20. In akwai kwanan wata, ya ɗauko kalanda. A saman hirar an sa 12 ga Mayu, 2025, hakimi kuma wai yana cewa a zo gobe bayan an sauko daga Juma'a. Ranar 12 ga Mayu ta 2025 Litinin ce.

Na huɗu, ya duba harshe, a nan ne malamin hakimi ya fi kowane gwanin na'ura. Shi ya san yadda maigidansa ke magana, ya san ko ya kan rubuta saƙo da hannunsa ko kuwa sai dai ya aika da murya. In hakimin Basakkwace ne, hirar kuwa Kananci ce tsantsa, abin dubawa ne. In ɗan kasuwa ya shiga magana ba gaisuwa, ba "ranka ya daɗe", yana yi wa hakimi magana kamar tsaransa, wannan ma abin dubawa ne. Amma harshe shi kaɗai zato ya ke ƙarfafawa, ba ya yanke hukunci.

5. IYAKAR WANNAN DUBAWA

A nan ne mutane da yawa ke kuskure, don haka a karanta da natsuwa. Kurakuran da muka lissafa suna iya tabbatar da cewa hoto na ƙarya ne. Rashinsu ba ya tabbatar da cewa na gaskiya ne. Ku tuna hanya ta uku, ta waya biyu. Wanda ya bi ta zai fito da hoton da ba shi da aibi ko ɗaya: magana tana gefen da ya dace, alamu daidai, lokaci daidai, domin hirar an yi ta da gaske, sai dai ba da hakimi aka yi ba.

Maganin wannan guda ne, a bar hoto a nemi wayar da aka ɗauke shi. A bi sawu: dagaci ya faɗi wanda ya turo masa, shi ma ya faɗi nasa, har a kai ga na farko. In an same shi, ya buɗe hirar da kansa a gaban shaidu. A ja ta sama da ƙasa a karanta abin da ya gabata da abin da ya biyo. Sa'an nan a taɓa sunan da ke sama, lambar da aka yi hirar da ita za ta fito. A gwada ta da lambar hakimi, adadi bayan adadi. Mai ƙage ba ya jure wannan. Ya kan ce wayar ta ɓata, ko ya goge hirar, ko shi ma turo masa aka yi. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

In kuwa lambar ta hakimi ce, shi kuma ya ce bai rubuta ba, kada a yi gaggawar ƙaryata shi, kada kuma a yi gaggawar wanke shi. Rashin saƙon a wayarsa ba hujja ba ne, gama kowa na iya goge saƙo daga tasa wayar. Amma mai yiwuwa ne wani ya ɗauki wayar, ko ya haɗa ta da wata na'ura. A buɗe wurin da aka rubuta Linked devices, a nan za a ga na'urorin da ke haɗe da ita. A kuma tambaye shi ko ya taɓa karanta wa wani lamba mai adadi 6 da ta shigo masa, domin da ita ɓarayi ke ƙwace WhatsApp ɗin mutum. Bayan duk wannan akwai shaidar da ta fi waya: littafin rabo. Buhu 600 ko suna cikin sito ko ba sa ciki, sunayen mutanen ƙauyen ko suna cikin jerin ko babu. A ƙirga a gaban dagatai.

Akwai alamu biyu kuma da bai kamata a dogara da su ba. Tun 2018 WhatsApp ke sa kalmar Forwarded a kan saƙon da aka turo daga wani wuri, wanda ya bi hannuwa da yawa kuwa a sa masa Forwarded many times. Wannan yana nuna yawan yawon da hoto ya yi ne, ba gaskiyarsa ko ƙaryarsa ba. Kuma wanda ya ajiye hoton a wayarsa ya sake aika shi sabo, alamar ba za ta fito ba. Haka nan dushewar hoto ba ta nuna kome sai cewa an yi ta ɗaukarsa ana sake turawa.

6. ABIN DA HAKIMI ZAI YI

In bincike ya nuna wasa ne da ya kuɓuce wa masu shi, a kira su tare da iyayensu ko mai unguwarsu, a yi musu nasiha, su koma inda suka fara sa hoton su faɗa da bakinsu cewa su suka shirya shi. Wannan ya fi kowace sanarwa saurin kashe magana. Wasan rago da irinsa kuwa a bar mutane su yi dariyarsu. Hakimin da ke farautar masu raha, ranar da ya ce wani abu ƙarya ne ba za a saurare shi ba.

In ƙage ne da gangan, malam ya rubuta ranar da aka kawo hoton, da sa'a, da wanda ya kawo, da sunayen waɗanda ya bi ta hannunsu, ya ajiye hoton yadda ya zo ba tare da ya taɓa shi ba. A sanar da Majalisar Masarauta, a kuma kai wa 'yan sanda. Dokar laifuffukan intanet ta Nijeriya ta 2015, sashe na 24, yadda aka gyara shi a 2024, ta hana aika saƙon da mutum ya san ƙarya ne da nufin tayar da tarzoma ko jefa rai cikin haɗari. Dokar shaida ta 2011, sashe na 84, ta sa sharuɗɗa kafin kotu ta karɓi abin da ya fito daga na'ura, har da takardar bayanin na'urar da yadda aka fitar da shi. In kotu ba ta karɓar hoto haka kawai, bai dace zauren hakimi ya karɓa ba. Hukuncin laifin na kotu ne. Kuma a bambanta wanda ya ƙirƙira da wanda ya tura cikin rashin sani.

Wajen ƙaryatawa, kada a sake yaɗa hoton tsurarsa, domin zai ci gaba da tafiya ya bar bayanin a baya. In tilas ne a nuna shi, a rubuta ƘARYA da manyan baƙaƙe a tsakiyarsa, inda ba za a iya yankewa ba. A faɗi dalili ɗaya ko biyu da kowa zai iya dubawa da idonsa, kamar maganar kalanda. A aika ta bakin dagatai da masu unguwanni da limamai, da kuma saƙon murya saboda waɗanda ba sa karatu. In hakimi da kansa a ke zargi, ya fi kyau wani ya shugabanci binciken, don kada a ce shi ya wanke kansa.

TAMBAYOYI DOMIN BITA

1. Sunan da ke saman hoton hira, na mai waya ne ko na abokin hirarsa? Wa ya rubuta shi?

2. An kawo hoto, agogonsa ya nuna 09:15, ƙarƙashin Today kuma akwai saƙon 10:30. Me za ka ce?

3. An kawo hoton da ba ka sami kuskure ko ɗaya a cikinsa ba. Faɗi abubuwa uku da za ka yi kafin ka kai wa hakimi rahoto.

4. Samari sun shirya hirar dagacinsu don raha, ta isa wani ƙauye an ɗauke ta gaskiya. Yaya za a ɓullo wa al'amarin?

Ana roƙon kowane hakimi ya sa a karanta wannan takarda a taron dagatai na gaba, malam kuma ya kawo waya a gwada sashe na 4 da na 5 a gabansu, kowa ya taɓa sunan da ke sama da hannunsa ya ga lambar ta fito.